Na saka lambar TXT ta Search Console amma har yanzu Google bai amince ba

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina neman taimako. Ina sayar da atamfa da leshi, kuma ina da shafin yanar gizo da wani yaro ya gina mini bara. Sunan shafin da kuɗina na saya, kuma ni ke riƙe da shigar kamfanin da na saya a wajensu. Ina so in riƙa ganin abin da mutane ke rubutawa a Google kafin su faɗo shafina, sai aka ce in buɗe Search Console. Na buɗe, na zaɓi Domain, ya ba ni wani dogon rubutu da ya fara da `google-site-verification=`, ya ce in saka shi a matsayin TXT. Na shiga wajen kamfanin, na samu inda aka rubuta DNS, na saka, ya nuna mini ya karɓa. Tun shekaranjiya ke nan. Duk lokacin da na danna Verify sai ya ce bai ga komai ba. Me ya rage ban yi ba?

Sani Mai Waya

Wa'alaikumus salam Hajiya. Haƙuri kawai za ki yi. DNS sai ya zagaya duniya kafin kowa ya gani, yana ɗaukar awa 48 zuwa 72. Ki bar shi zuwa jibi, da kansa zai yi.

Abba Samaru

Hajiya ki daina wahalar da kanki da wannan hanyar. Idan WordPress ne, akwai wurin da ake liƙa lambar Google a cikin shafin, minti biyu an gama. Ni haka na yi nawa, ban ma san inda DNS ɗina yake ba.

Malam Bashir

Wa'alaikumus salam. Abba, abin da ka yi daidai ne, amma ba shi ta zaɓa ba. Search Console yana da ƙofa biyu. URL prefix shi ne naka, yana karɓar lamba a cikin shafi ko fayil da aka ɗora, amma adireshin da ka rubuta masa kawai yake lura da shi. Domain kuwa yana haɗa komai: mai www da marar www, http da https, da duk wani reshe na sunan. Shi ya sa ba ya karɓar shaida sai ta DNS, don wanda ke iya rubutu a DNS shi ne ke da iko da sunan gaba ɗaya. Kuma lambar da ake liƙawa a cikin shafi tana iya ɓacewa ranar da aka canza fasalin shafin. Zaɓin Hajiya ya fi ɗorewa, kada ta bar shi.

Hajiya, kafin ki ƙara jira, mu fara tabbatar da cewa a wurin da ake dubawa kika rubuta. A wayarki buɗe `toolbox.googleapps.com/apps/dig/`, ki rubuta sunan shafinki ba tare da www ba, ki danna NS. Ki kwafo mana abin da ya fito. Idan ba kya son sa sunan shafin a nan, ki goge shi, sauran layin nake so in gani. Sannan ki danna TXT ki ga ko lambarki na ciki.

Masu kwamfuta, abu ɗaya ne da wannan:

```
nslookup -type=NS example.com
nslookup -type=TXT example.com
```

Maman Ilham

Na yi Malam. A NS layi biyu suka fito, kowanne ya ƙare da `ns.cloudflare.com`. Ni kuwa ban taɓa buɗe wani abu mai suna Cloudflare ba. A TXT kuma abu biyu ne, ɗaya ya fara da `v=spf1`, ɗayan ya fara da `google-site-verification=`. Na ga na biyun na yi murna, amma da na gwada shi da wanda aka ba ni, haruffan ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Malam Bashir

To alhamdulillah, matsalar ta fito fili, kuma ba ta jira ba ce.

Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su ɗauka ɗaya ne. Akwai kamfanin da kika sayi suna a wajensa. Akwai inda fayilolin shafin suke zaune. Akwai kuma wanda ke amsa tambaya idan wani ya ce "ina adireshin wannan suna, ina wasiƙunsa ke zuwa, wane TXT gare shi". Na ukun nan shi ne NS ke nunawa. Ranar da kika sayi suna, kamfanin ne ke yin aikin farko da na uku. Yaron da ya gina miki shafi ya je ya canza na ukun ya mayar da shi Cloudflare, wanda abu ne da masu gina shafi ke yawan yi don shafin ya yi sauri ya kuma samu kariya. Daga wannan rana, duk wanda ya tambayi sunanki, Cloudflare ake tura shi.

Teburin DNS ɗin da ke wajen kamfaninki yana nan, yana karɓar rubutu, har ya ce miki ya adana. Amma babu mai zuwa karanta shi. Kamar ki kai saƙo tsohon gidan mutum ne bayan ya tashi: an karɓa an ajiye, shi kuwa bai san an kawo ba. Ko wata guda kika jira Google ba zai gani ba. Lambar sai an saka ta a cikin Cloudflare.

Wannan ɗayar `google-site-verification=` da kika gani kuwa, ki bar ta tukuna, kada ki ce a taɓa. Za mu dawo kanta.

Sani Mai Waya

Amma Malam ai shi kansa Google ya rubuta cewa abin yana iya kaiwa kwana biyu ko uku. Ba ni na ƙirƙiro ba.

Malam Bashir

Gaskiya ne Sani, sun rubuta, kuma akwai lokacin da jira ne maganin. Inda na saɓa da kai shi ne zancen zagaya duniya. Babu abin da ake turawa ko'ina. Abin da ke faruwa shi ne, sabar da MTN ko Airtel ko Google ke amfani da ita wajen tambaya, idan ta samu amsa sai ta riƙe ta na wani lokaci don kada ta yi ta komawa. Tsawon lokacin shi ne TTL, kuma da daƙiƙa ake rubuta shi. 300 minti biyar ne, 3600 awa ɗaya, 14400 da ake yawan gani a cPanel awa huɗu. Idan an tambaya kafin ka saka lambar, tsohuwar amsa za a ci gaba da bayarwa har lokacin ya cika. Har amsar "babu" ma ana riƙe ta. Shi ya sa wanda ya danna Verify kafin ya adana rikodin yake iya ja wa kansa ɗan jinkiri.

Hanyar raba gardama ita ce ka tsallake masu riƙon, ka tambayi mai amsar kai tsaye. Ka ɗauki ɗaya daga cikin sunayen da NS ya ba ka:

```
dig TXT example.com @ns1.example.net +short
```

Idan lambar ta fito a nan amma Google bai gani ba tukuna, to jira ne, ka sha shayi ka dawo. Idan ba ta fito a nan ba bayan 'yan mintoci, ba jira ba ne, akwai abin da aka saka ba daidai ba. Dogon jiran da ake ta faɗa ya fi shafar wanda ya canza NS ɗin kansa, ko kamfanin da ke jinkirin fitar da abin da aka rubuta a teburinsa.

Maman Ilham

Na fahimta yanzu, Allah ya saka da alheri. Sai dai yaron yana bautar ƙasa a kudu, sai ya yi kwana biyu bai duba saƙo ba. Tunda ni ke da shigar kamfanin, na ga wurin da aka rubuta Nameservers, har akwai zaɓin a mayar da na kamfanin. In danna kawai? Ai kun ga lambar tawa tana can tana jira.

Ummi K.

Anti don Allah kada ki danna. Tsaya ki ji.

Teburin da ke wajen kamfanin ba lambarki kaɗai za a karanta a ciki ba, komai za a karanta. Idan babu rikodin A da ke nuna inda shafinki yake, ko kuma tsoho ne tun na ranar saye, shafin zai daina buɗewa. Idan babu rikodin MX da ke nuna inda za a kai wasiƙa, wasiƙun da ake aiko miki a adireshin shagon za su riƙa komawa wa masu su. Kuma ba lokaci ɗaya zai mutu wa kowa ba: ke ki ga yana buɗewa a wayarki, mai saye a Kaduna ya ga babu. Gyaransa ma sai an sake jira.

Akwai wani tarko kuma. Kada wani ya ce miki ki duba A a wancan shafin na dig ki kwafe lambobin. Idan yaron ya kunna alamar gajimaren nan mai launin ruwan lemo, wadda ke sa masu ziyara su bi ta Cloudflare, adireshin Cloudflare za ki gani, ba na ainihin inda shafinki yake ba. Na ainihin sai a wajen masu hostin, ko a cikin Cloudflare ɗin kansa.

Mafi sauƙi ki kira shi a waya, ba saƙo ba. Aikin minti uku ne: DNS, Add record, Type ya zaɓi TXT, Name ya sa `@`, Content ya liƙa lambar, TTL ya bar shi a Auto. Sannan ki roƙe shi ya gayyaci imel ɗinki a cikin asusun don ke ma ki samu shiga.

Malam Bashir

Na yarda da Ummi kan kada a danna yau. Amma ni ban gamsu da a tsaya a gayyata ba. Asusun nasa ne, wataƙila da shafukan wasu mutane a ciki, kuma ranar da ya rasa shigarsa ko kuka samu saɓani, kin koma inda kika fito. Tunda sunan na hannunki, kina iya buɗe naki asusun Cloudflare kyauta, ki saka sunan, za su ba ki wasu NS guda biyu daban, ki sa su a wajen kamfanin. Sharaɗin shi ne ya fitar miki da dukkan rikodin da ke nasa tukuna, akwai Export a shafin DNS, a shigar da su naki kafin a juya.

Ummi K.

Malam wannan shi ne daidai a ƙarshe, ban musa ba. Amma DNS kaɗai Export ke fitarwa. Saitin SSL, wato na https, da dokokin juya adireshi da ya yi ba sa biyo shi. Na ga shafin da aka yi wa irin wannan ƙaura ya riƙa juya kansa ba iyaka har burauza ta gaji, saboda saitin SSL na sabon asusu bai yi daidai da na tsohon ba. Mai shago da ke tsakiyar ciniki ba ta bukatar wannan a makon nan. A gama tabbatarwa tukuna, ƙaura a sa mata rana da wanda zai zauna a kai.

Malam Nura Sakatare

Salam. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda magana ɗaya ce. Makarantarmu za ta koma Microsoft 365 don imel na malamai. Sun ba ni lamba gajera, `MS=ms` da lambobi takwas a gaba. Na bi abin da Malam Bashir ya ce, na duba NS, kuma na kamfanin da na saka a wajensu ne, ba wani wuri ba. Duk da haka TXT ɗin ba ya fitowa. Tun jiya da azahar. Ga yadda na cike: Type TXT, Host na rubuta cikakken sunan makarantar har da `.com.ng`, Value lambar, TTL 3600.

Malam Bashir

Malam Nura, gwada wannan. A shafin dig ɗin, rubuta sunan sau biyu a jere da ɗigo a tsakani, kamar haka, sannan ka danna TXT:

```
example.com.example.com
```

Malam Nura Sakatare

Ikon Allah. Ga ta nan ta fito.

Malam Bashir

To ka ga inda ta tafi. Akwatin Host a yawancin kamfanoni abin da ke gaban suna kawai yake so, shi zai ƙara sauran da kansa. Da ka rubuta cikakken suna sai ya ƙara wani a kai, lambar ta zauna a wani reshe da babu mai tambayarsa. Microsoft kuwa a kan tushen sunan yake nema. Gyara Host ɗin ya zama `@`. Wasu kamfanonin ba sa karɓar `@`, so suke a bar akwatin fanko. Wasu kuma, irin Zone Editor na cPanel, cikakken sunan suke so amma da ɗigo a ƙarshensa, ɗigon ne ke cewa "suna ya ƙare a nan, kada a ƙara komai". Dubi yadda aka rubuta Host na rikodin MX da ke teburin tun asali, ka kwaikwayi wannan.

Sani Mai Waya

Malam Nura ka dai yi hattara, da zarar ya tabbatar, imel ɗinku na yanzu zai tsaya ya koma Microsoft. Ka kwashe wasiƙunku kafin ka danna.

Ummi K.

A'a Yaya Sani, TXT ɗin ba ya karkatar da wasiƙa ko ɗaya. Shaida ce kawai. MX ne ke cewa ga inda za a kai wasiƙa, kuma mataki ne daban da zai zo daga baya. Yana iya tabbatarwa yau, ya ƙirƙiri akwatunan malamai a nutse, sai ranar da ya shirya ya juya MX. Abin da zai kula da shi kawai, idan shafin saitin na Microsoft ya ce zai saka masa sauran rikodin da kansa, kada ya amince sai akwatunan sun kammala. Shawarar kwashe tsofaffin wasiƙu dai tana nan daram, kafin ranar MX.

Maman Ilham

Na samu yaron a waya da daddare, ya ce ya saka. Na duba da safen nan, yanzu TXT uku ne, sabuwar ta fito. Amma Verify har yanzu ja yake nuna mini. Wallahi na fara gajiya.

Malam Bashir

Kada ki gaji Hajiya, kin kusa. Ta yaya kika aika masa lambar?

Maman Ilham

Hoton allon na ɗauka na tura masa ta WhatsApp.

Malam Bashir

To da hannu ya rubuta ta ke nan. Bayan alamar `=` haruffa 43 ne, manya da ƙanana a cakuɗe da lambobi, wani lokaci da `-` ko `_`. A hoto ƙaramin `l` da babban `I` kusan abu ɗaya ne, haka `0` da `O`. Google kuwa harafi ɗaya ya saɓa, ko babba ya zama ƙarami, ba zai karɓa ba. Koma Search Console ki danna Copy da ke gefen lambar, ki liƙa ta ita kaɗai a saƙo guda, ba gaisuwa a gabanta ba komai a bayanta. Shi ma ya kwafa ya liƙa, ya gyara wadda ya saka jiya. Ya tabbata har da `google-site-verification=` ɗin a ciki, don wasu na yanke shi su ɗauka take ne.

Wani abu kuma: ki tabbata da asusun Gmail ɗin da kika karɓi lambar kike danna Verify. Kowane asusu da tasa lambar. Idan wayarki na da asusu biyu kuma ta juya zuwa ɗayan, wata lambar zai nema.

Bayan ya gyara ki ba shi kamar minti goma. Auto na Cloudflare minti biyar ne.

Malam Nura Sakatare

Ni nawa ya yi, Microsoft ya karɓa, na gode. Na ci gaba zuwa mataki na gaba, sun ba ni wani TXT na SPF, mai faɗin sabar da aka yarda ta aika wasiƙa da sunanmu. Tunda na ga a teburin Hajiya TXT uku suna zaune lafiya, sai na ƙara shi a matsayin sabo. Yanzu haka nake da su:

```
v=spf1 +a +mx +ip4:203.0.113.10 ~all
v=spf1 include:spf.protection.outlook.com -all
MS=ms12345678
```

Lambobin na canza su, amma tsarin ke nan. Daidai ne?

Ummi K.

Malam Nura gyara wannan yau, kafin a fara aika wa iyaye saƙo. TXT da yawa a suna ɗaya ba laifi, amma mai farawa da `v=spf1` ɗaya tak ake yarda da shi. Idan sabar da ke karɓar wasiƙa ta ga biyu, ba ta zaɓar ɗaya, kuskure take ɗaukarsa gaba ɗaya, kamar ba ku da ko ɗaya mai aiki. Kuma tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman duk mai aiko masa wasiƙa ya kasance da SPF ko DKIM mai aiki. Yawancin iyayen yara kuwa Gmail gare su. Haɗe su za ka yi su zama layi ɗaya:

```
v=spf1 ip4:203.0.113.10 include:spf.protection.outlook.com ~all
```

Na bar adireshin tsohuwar sabar ne saboda har yanzu daga can kuke aikawa, kuma wataƙila shafin makarantar yana tura saƙon fom ko na sakamako daga can. Don ka gane ya yi, aika wasiƙa zuwa wani Gmail, ka buɗe ta a kwamfuta, ka danna Show original. A sama za ka ga SPF, kana so ka ga PASS.

Irin wannan ne ya sa nake jin tsoron umarnin "saka TXT" ga wanda bai saba ba. Wasu ma ba ƙarawa suke yi ba, sai su ga akwai TXT a teburin su danna Edit su goge SPF su liƙa lambar Google a gurbinsa. Google ya tabbatar, kowa ya yi murna, bayan mako guda a fara cewa wasiƙu na faɗawa Spam, kuma babu wanda zai tuna da abin da aka taɓa.

Abba Samaru

Ni fa abin da ban gane ba, tunda kowa na iya ganin lambar nan a dig, me zai hana wani ya kwafe ta ya ce shafin nasa ne?

Malam Bashir

Kwafewar ba ta amfane shi da komai, Abba. Lambar ba kalmar sirri ba ce. An ɗaure ta da asusun wanda ya nema da kuma sunan da ya nema wa. Idan wani ya je Search Console ya rubuta sunan shafin Hajiya, wata lamba daban za a ba shi, a ce ya saka a DNS ɗinta, shi kuma ba shi da hanyar shiga. Shaidar ba sanin lambar ba ce, iya rubuta ta a wurin ne. Abin tsoro shi ne akasin haka: wani ya turo maka lamba ya ce "taimaka ka saka mini wannan". Ranar da ka saka, ka ba shi matsayin mai shafi.

Maman Ilham

Alhamdulillah! Ya zama kore, ya rubuta Ownership verified. Harafi biyu ne ya saɓa ashe. Allah ya biya ku duka. Yanzu in ce masa ya goge ta tunda an gama? Kuma Malam ka ce za mu dawo kan waccan tsohuwar.

Malam Bashir

Barka Hajiya. Kada a goge taki. Google yana komawa lokaci zuwa lokaci ya duba ko tana nan, idan ya tarar babu sai ya cire ki daga matsayin mai shafi. Ki ajiye wannan a ranki musamman saboda ƙaurar da muka yi magana: duk ranar da aka canza NS, lambar nan ta bi ku sabon wuri. Ta Malam Nura daban ce, Microsoft sun ce ana iya goge `MS=` bayan an tabbatar, ko da yake barinta ba ya cutar da komai. Wadda kika saka a teburin kamfanin kuwa ba ta aiki ba ta ɓarna.

Tsohuwar kuma, mafi kusa ita ce ta yaron, ya tabbatar da shafin da asusunsa lokacin da yake gini. Shiga Settings, sannan Users and permissions, ki ga ko imel ɗinsa na nan a matsayin Owner. Wannan matsayi ba na kallo kawai ba ne. Mai shi yana ganin duk bayanan bincike, yana ƙara mutane, yana iya neman a ɓoye shafuka daga sakamakon Google na ɗan lokaci. Idan kin cire shi a nan amma lambarsa na DNS, yana iya dawowa da danna Verify sau ɗaya. Don haka cirewa ta gaskiya sai an goge lambar. Ni a ganina, wanda ya gama aiki a mayar da shi Full user idan ana bukatarsa, a goge lambarsa.

Ummi K.

Ni dai ba zan goge ba sai na san ta mece ce. Ba Search Console kaɗai ke amfani da `google-site-verification=` ba, Google Workspace ma irinta yake bayarwa, kuma daga kallon haruffan ba za ka bambance ba. Anti, wannan layin naki na `v=spf1`, akwai `_spf.google.com` a cikinsa? Kuma MX ɗinki ina ya nuna? Idan imel ɗin shagon a Google yake, ni zan bar ta. Ban da haka ma, shi ke riƙe da Cloudflare ɗin har yanzu. Ko an goge yau, gobe yana iya saka wata. Goge lambar ba ta rufe komai sai DNS ya dawo hannunki.

Malam Bashir

Wannan batu na ƙarshe gaskiya ne, kuma shi ya sa na matsa a kan ƙaurar tun farko.

Maman Ilham

Na duba. Imel ɗinsa na nan a Owner kamar yadda Malam ya ce. SPF ɗin babu google a ciki, MX kuma sunan masu hostin ne. Yaron dai bai taɓa cutata ba, kuma har yanzu shi nake kira idan shafi ya samu matsala, don haka ba na so ya ji kamar na kore shi. Zan fara da gayyatar da Ummi ta ce, in ya dawo hutu mu zauna a yi ƙaurar tare da shi. Ummi, idan ya turo gayyatar, wane matsayi zan ce ya ba ni don in iya ganin DNS ɗin da kaina?

Ummi K.

Ki ce ya ba ki wanda ya shafi sunan shafinki kaɗai, ba dukkan asusunsa ba, don kada ki ga na sauran mutanensa. Idan ya shiga Members zai ga inda ake zaɓar domen ɗaya. Ki buɗe asusun Cloudflare da imel ɗin da kike so tun yanzu, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Da kin samu shiga, abu na farko ki danna Export ki ajiye fayil ɗin a wurin da ba waya kaɗai ba. Turo mini hoton teburin ta akwatin sirri idan kin shiga, in duba miki ko akwai wasu tsofaffin rikodin da ya kamata a tambaye shi a kansu kafin ranar.